Yadda na wanke kujerun motata da dashbod bayan hunturun Sakkwato

Motata ta gida ce, ita ke kai yara makaranta, ita ke zuwa kasuwa, ita ke kai mu gaisuwa Bodinga idan ta kama. Kujerunta na yadi ne, launin toka mai haske, irin wanda ba ya rufa wa kowane tabo asiri. Zuwa ƙarshen hunturun bana abubuwa uku suka taru a kansu: fura da nono da ta kife a kujerar baya, zoɓo da ya ɗiga a kujerar mai zaman banza, da ɗigon manja daga wata jarka da aka ɗora a gefe. Dashbod kuwa, wanda baƙi ne a da, ya koma fari-fari, ko an goge shi da safe kafin azahar ya sake yin furfura. Na yanke shawarar yin aikin da hannuna kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo, domin na san abin da zafin da ya haura digiri 40 yake yi wa nonon da ya kwana a cikin soso.

Kafin in taɓa komai sai da na biya wajen wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota da na saba da shi. Ya leƙa, ya danna kujerar baya da tafin hannu, ya sunsuna hannun.

"Alhaji, wanga aiki ba na yawan ruwa ba ne," in ji shi. "Yadin da kake gani bai kai kaurin bargo ba. Abin da ke ƙarƙashinshi soso ne, shi kuwa soso in ya sha abu ba ya maido shi da daɗin rai."

"To Baba, da me zan fara?"

"Da ƙura. Kada ɗigon ruwa ya taɓa kujera sai ka fidda ƙura tukuna."

Wannan shawarar ita ta tsara mini duk aikin. Ƙurar hunturu gari ce mai laushi ƙwarai, tana ratsa saƙar yadi ta zauna a ƙasa. Muddin a bushe take, duka da iska suna fitar da ita. Da zarar ta jiƙe ta zama taɓo, ta bi ruwan ta shige soso, kuma idan kujera ta fara bushewa sai ruwan ya riƙa hawowa sama yana ɗauke da ita. Wannan ne asalin zoben nan mai ruwan ƙasa da ake gani a kujerun da aka sheƙa wa bokitin ruwa da omo: a jiƙe sun yi fes, washegari sai ga taswira ta fito a gefe-gefe.

Na fara da sassafe, na faka motar a inuwar darbejiya, na buɗe ƙofofi huɗu, na fitar da shimfiɗun ƙasa. Na ari injin zuƙar ƙura a wajen maƙwabcina. Ƙanena yana bugun kujera da tafin hannu, ni kuma ina bin wurin da bakin injin. Duk bugu ɗaya sai ka ga hayaƙin ƙura ya tashi a hasken da ke ratsowa ta ganye. Mun daɗe a kan wannan, fiye da yadda na zata, har sai da bugun ya daina tayar da komai. Ɗinkin da ke tsakanin mazauni da majingina shi ya fi ɓoye kaya: yashi, ɓawon gyaɗa, guntun biskit. Tsohon burushin haƙori ne ya tono su. Wanda ba shi da inji zai iya yi da duka da burushin tufafi mai laushi, sai dai ya ƙara haƙuri, ya kuma tsaya ta inda iska za ta kwashe ƙurar waje.

Kayan da na tanada ba su da yawa: sabulun wanke-wanke na ruwa, ruwan kal fari, bekin soda, ƙaramar kwalbar haidirojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 daga kemis, kwalbar feshi, burushi mai laushi, cokali, da fararen tawul masu yawa. Farare na zaɓa da gangan, domin a jikinsu nake ganin abin da ke fita, kuma ba su da rinin da zai zuba a kujera. Ruwan wankin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne na sabulu a cikin lita ɗaya ta ruwa. Idan ka gan shi za ka raina, amma sabulun da ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa daga yadi. Abin da ya rage yana bushewa da danƙo, ƙura ta samu wurin maƙalewa, cikin 'yan makonni wurin da aka wanke ya fi sauran kujerar dauɗa. Ruwan rijiyar gidanmu yana da ɗan zartsi, yana barin fari a jikin bokiti, don haka na ɗauraya na sayi fiya wata.

Manja na fara da shi domin shi ke buƙatar jira. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, goge shi da jiƙaƙƙen tsumma faɗaɗa shi kawai yake yi. Na barbaɗa bekin soda a kan tabon har ya rufe, na danna da bayan cokali, na bar shi kamar rabin sa'a ina wani aikin. Da na dawo garin ya yi ruwan ɗorawa daga ƙasa, alamar ya tsotsi mai. Na zuƙe shi da inji, na sake barbaɗa sabo. Bayan nan ne na ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo biyu a kan tabon kai tsaye, na murza a hankali da ɗan yatsa daga gefe zuwa tsakiya, na bar shi minti biyar, na fesa ruwa mai ɗumi kaɗan, na danne da tawul. Manja kaɗai ne na yi wa ruwan ɗumi, saboda ɗumi yana narkar da shi. Maiƙon ya fita tas. Launin ya ɗan rage, inuwar rawaya da sai ka sunkuya za ka gani, ita ma tana ta dusashewa da kanta, domin haske yana cin jan manja a hankali.

Zoɓo halinsa daban. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar zoɓo ta san yadda jan yake komawa duhu. Haka yake yi a kujera idan ya haɗu da omo ko sabulun wanki ko bekin soda, tabon da yake ja sai ya rikiɗe ya zama shuɗi-shuɗi mai toka, mutum ya ɗauka ya ƙona yadin. Tsami ne ke riƙe shi a jansa har a samu a ɗebe shi. Na haɗa ruwan kal kashi ɗaya da ruwan sanyi kashi biyu, na fesa a kan tabon daidai yadda yadin zai yi danshi, na ɗora farin tawul na danna da nauyin jikina. Da na ɗaga, ga hoton tabon nan ruwan hoda a jikin tawul. Na juya wuri mai tsabta, na sake fesawa, na sake dannawa. Ban cuɗa ba ko sau ɗaya. Cuɗawa tana tura rini cikin zare, tana kuma tayar da gashin yadi, wurin ya zama daban da sauran ko da tabon ya fita. Na ci gaba har tawul ya daina ɗaukar launi, sannan na bi da ruwan sabulun nan mai rauni, na ɗauraye da fiya wata.

Sauran ɗan jan da ya ƙi fita na yi masa haidirojin. Shi yana iya kashe launin yadi, shi ya sa na fara gwada ɗigo ɗaya a can ƙasan kujera inda ido ba ya kaiwa, na jira minti goma, na ga bai canza komai ba. Sai na ɗiga a auduga na dangwala wa tabon, na bar shi minti biyar, na ɗauraye. Da kujerar baƙa ce ko shuɗiya mai duhu, da na haƙura da ɗan jan, domin farin tabo a baƙin yadi ya fi shi muni kuma ba shi da magani. Bilic kuwa ban ma kawo shi kusa da motar ba. Yana cin zare, kuma idan ya haɗu da ruwan kal yana fitar da iska mai guba, ga mota wuri ne matsattse.

Akwai wani dalilin da ya sa na yi rowar ruwa a kujerar gaba. A ƙarƙashinta akwai wayoyi, wasunsu masu rawayan soket, na jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari ne. Motoci da yawa kuma suna da na'urar da ke gane ko an zauna a kujerar, a cikin mazaunin take. Ruwa ya kai can, fitilar gargaɗi ta kama a mita, aikin ya tashi daga wanki ya koma na mai wayarin.

Fura da nono ita ta fi ba ni aiki, kuma a kanta na fahimci maganar dattijon sosai. A sama ta bushe ta yi ɓamɓaroki. Na kankare da gefen cokali, na zuƙe garin. Nan ruwan sanyi kawai ake sa wa, domin zafi yana dafa nono ya daskare a cikin zare yadda ƙwai ke daskarewa a kasko. Na fesa ruwan sabulu, na bi da burushi a hankali, na danne da tawul, na ɗauraye, na sake dannewa. Da ido, kujera ta fita. Amma nono ba a ido ake gane shi ba. Bayan ta sha iska na rufe gilasai duka, na gusa da motar cikin rana na sa'a guda, sannan na buɗe ƙofar baya na sa hanci. Tsamin nan ya tarbe ni. Wannan gwajin ba ya ƙarya: idan wari ya dawo da zafi, abin yana cikin soso, kuma duk turaren da za a rataya a madubi haɗuwa zai yi da shi su zama wani warin na uku.

Mazaunin baya a irin motata ba ƙusa ke riƙe da shi ba, maƙalai biyu ne a gaba. Na sa hannu a ƙarƙashin gefensa na fizga sama, ya ɓalle, na zaro shi waje. Da na kifa shi sai ga inda nonon ya bi, sosan ya yi rawaya-rawaya kamar faɗin faranti, ya ninka tabon da ke sama, har ya ɗiga a ƙarfen mota. Na goge ƙarfen da ruwan sabulu na tsane shi. Shi kuma mazaunin na ɗauka na kai wa dattijon, domin rigar kujera da ƙananan zobban ƙarfe ake ɗaure ta, wanda ba shi da abin matse su zai cire amma ba zai iya mayarwa daidai ba. Ya kwance gefe ɗaya ya naɗe rigar. Muka zuba ruwan sanyi mai ɗan sabulu a wurin da ya ɓaci kaɗai, muna dannawa da tafin hannu muna saki, ruwa fari-fari yana fita ta ƙasa. Muka ci gaba da ruwa zalla har ya fito garau, muka bi da ruwan kal da aka sirka, muka sake ɗaurayewa. Na kama gefen sosan zan murɗe.

"A'a Alhaji, kada ka murɗe shi, yagewa zai yi. Aza tawul ka taka."

Haka muka yi, tawul a sama, tawul a ƙasa, ina takawa da ƙafa muna canzawa. Ya jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ya ce in dawo washegari. A nan Sakkwato ta taimake mu. Iskar ƙarshen hunturu a bushe take ƙayau, tana shanye danshi da sauri. Da a watan Agusta ne, soso mai kauri haka zai iya kwanaki yana riƙe da ruwa a ciki har ya fara warin fumfuna. Hanyar gane ya bushe ita ce a danna busasshiyar takarda a kansa da ƙarfi, idan ta fito da sanyi ko danshi, da saura.

Kafin in bar kujerun gaba na yi musu abu ɗaya na ƙarshe. Duk mazaunin da na wanke wa tabo, sai na bi shi gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki da feshi mai sauƙi na ruwan sabulun, na goge, na ɗauraye, na danne. Idan aka wanke tsakiya kawai, wurin yakan bushe da iyaka a fili, haske a ciki duhu a waje. Sannan na ajiye fanka a bakin ƙofa tana hura su.

Ina jiran soso ya bushe na koma kan dashbod. Dusashewarsa iri biyu ce, kuma sai an raba su kafin a san abin da za a sa rai da shi. Akwai ta datti: robar dashbod ba sumul take ba, tana da ƙananan ramuka irin na fata, ƙura tana cika su, ta haɗu da man ƙyalli da masu wankin mota ke fesawa, su zama wani rufi mai toka. Akwai kuma ta rana. Dashbod na motar da aka bari a rana tsaka yana iya haura digiri 70, kuma zafin da hasken suna fitar da sinadaran da ke sa robar laushi, suna cin launin samanta. Wani ɓangare na hazon nan mai maiƙo da ke taruwa a gilashin gaba ta ciki daga nan yake tashi. Na gwada da ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu a sama kusa da gilashi, da wani a ƙasa wajen akwatin ajiya. Na wanke su da ruwan sabulu na bar su suka bushe. Na ƙasa ya koma baƙi ya zauna a haka, datti ne kawai. Na sama ya yi baƙi yana jiƙe, da ya bushe ya ɗan koma toka. Wannan rana ce ta ci, wanki ba zai dawo da shi duka ba.

Na fara da busasshen burushin fenti sabo mai laushi, ina kakkaɓe ramukan esi da kewayen maɓallai, bakin injin yana kusa yana zuƙewa. Busasshen tsumma a kan ƙurar Sakkwato yashi ne kake gogawa, musamman a robar nan mai haske da ke rufe mita. Ita da ta karce shi ke nan, da dare fitilun mota mai zuwa su riƙa watsuwa a kanta. Na hure ta tukuna, sannan na shafa jiƙaƙƙen tawul mai laushi sau ɗaya ta gefe guda, ba tare da dannawa ba.

Wajen wanki, a tawul nake fesa ruwan sabulu, ba a dashbod ba, don kada ya gangara cikin rediyo ko ramukan esi. Ina ɗaukar wuri kaɗan, in shafa, in bi da burushi mai laushi ina zagayawa don ya shiga ramukan, in goge da tawul mai ruwa zalla, in tsane da busasshe. Tawul na farko ya fito baƙi-baƙi mai santsi, tsohon man ƙyalli ne ke fita. Sai da na maimaita a saman kafin yatsa ya daina zamewa a kai. Duk wannan a inuwa, dashbod yana da sanyi, domin a kan roba mai zafi ruwan sabulu bushewa yake kafin a goge, ya bar zane.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abin da ake shafawa bayan wanki. Na ga masu shafa basilin, na ga masu man birki, har da mai fetur don cire tabo. Fetur da man birki suna cin roba da fenti. Basilin da man ƙyallin nan mai sheƙi kuwa a garin ƙura tarkon ƙura ne, kuma idan ka fuskanci rana da la'asar a hanyar Kalambaina, hoton dashbod mai sheƙi yakan hau gilashi ya tare maka ganin mai babur da ke gabanka. Na nemi man kare dashbod mai kama da madara, wanda aka haɗa da ruwa, aka rubuta a jikinsa yana tare hasken rana kuma ba ya ƙyalli. Na zuba kaɗan a tawul, na shafa siriri, na jira 'yan mintuna, na goge ragowar da busasshen tawul har hannu ya daina jin maiƙo. Ban sa shi a sitiyari ba, ban sa a kan giya ba, balle birki da totur, domin santsi a waɗannan wuraren haɗari ne. Saman da rana ta ci ya yi duhu sosai fiye da da, ko da yake wanda ya san motar tana sabuwa zai gane bambanci. Akwai ɗan tsagu siriri kusa da ramin iskar gilashi, shi yana nan yadda yake, mai ba ya haɗe roba da ta tsage. Wanda kuma dashbod ɗinsa ya kai ga yin danƙo yana kama yatsa ko bayan wanki, robar ce ta fara narkewa, sai dai rufi ko canji. Idan za a shimfiɗa masa kafet, a tabbata an bar wurin jakar iska ta gefen mai zaman banza a buɗe.

Na ƙarasa da gilashin gaba ta ciki, da ruwan kal da aka sirka da busasshen tawul, sannan na buɗe bayan akwatin ajiya na zaro matatar iskar esi. Ta toshe da ƙura har ta yi nauyi a hannu, na sa sabuwa. A kwanakin hazo yanzu ina danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota maimakon jawo ta waje, ina kuma buɗe ta lokaci-lokaci a doguwar tafiya don iska ta sabunta.

Washegari da yamma na karɓo mazaunin baya, dattijon ya mayar da rigar ya matse zobbanta, na danna shi a maƙalansa, na zaro kawunan bel ta ramukansu. Na sake gwajin rana, gilasai a rufe sa'a guda, babu tsami. Tun daga nan nake sa mayafin gilashi mai ƙyalli duk inda na faka babu inuwa, kuma akwai farin tawul da robar ruwa a aljihun ƙofa, domin zoɓon da aka danne a minti na farko ba ya kai ga ruwan kal.